An riga an raba takardar taron iyaye, yanzu kuma rana ta canza, ya za a rubuta ta biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ban cika shekara da zama hedimasta ba, firamare ce a cikin Kano, yara 420. Ran Litinin 10 ga Nuwamba mun raba takarda cewa za a yi taron iyaye ran Asabar 29 ga wata ƙarfe 9 na safe, sai daga baya aka tuna min ai Asabar ɗin ƙarshen wata ce, akwai tsaftar muhalli, kuma ciyaman ɗin iyaye ma zai yi tafiya da rana. Mun tsayar da 6 ga Disamba. Don Allah ya zan rubuta wasiƙar, da Turanci ko da Hausa? Yau Litinin 17 ga wata.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya taya riƙo. Na daɗe a kan irin kujerar da kake kai kafin na yi ritaya, kuma wannan takardar ta canjin rana na rubuta ta ba sau ɗaya ba, har da wadda na rubuta ta ɓata min taro, zan zo kanta.

Abu na farko da nake so ya zauna maka shi ne wannan wasiƙar ba sabuwar gayyata ba ce. Gayyata ka riga ka yi ta, tana can a gidaje, wani ya maƙale ta a jikin kalanda, wata ta sa ta ƙarƙashin katifa, wani ma bai san inda ya jefa ta ba amma dai ya riƙe a kansa cewa Asabar ɗin ƙarshen wata akwai taro a makarantar su Ummi. Aikin takarda ta biyu shi ne ta shiga kan mutumin nan ta cire 29 ta sa 6. To kuma matsalar ita ce in takardun biyu suka yi kama, kai ɗaya, gaisuwa ɗaya, tsayi ɗaya, uba zai kalla ya ce ai na ga wannan tun wancan satin, ya ajiye bai karanta ba. Shi ya sa duk abin da zan faɗa maka a ƙasa yana komawa ne kan mutumin da ya riga ya riƙe tsohuwar rana, shi kake rubuta wa.

Kafin ma ka taɓa biro, ka yi sa'a da kuka kai taron gaba ba ku jawo shi kusa ba. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. In ka ɗage zuwa 6 ga Disamba, wanda takarda ba ta kai gare shi ba, zai zo ran 29, ya yi asarar kuɗin adaidaita, ransa ya ɗan ɓaci, amma za a faɗa masa sabuwar rana kuma zai samu taron. In da kun matso da shi 22 ga wata, wanda bai ji ba sai ya zo ran 29 a ce masa ai an yi an gama, har an yanke shawara kan kuɗin gyaran rijiya ba ya nan, to wannan mutumin ba zai biya ba kuma zai zagaya unguwa yana cewa an yi abin ne a ɓoye. Ni dai a ƙa'idata ba na jawo taron iyaye kusa sai in ina da aƙalla sati biyu cur a hannu. Da a ce tsaftar muhalli ce kaɗai matsalar ma da sai in ce ka bar ranar ka canza lokaci kawai, tunda a Kano hana zirga-zirgar daga 7 ne zuwa 10 na safe, a fara 11 a tashi kafin azahar, amma tunda ciyaman ba ya nan da rana to ɗagewar ita ce daidai, taron ƙungiyarsa ne, ba a yi ba shi.

Sai dai ka zauna ka tabbatar 6 ga Disamban nan ta tsaya da ƙafarta, don iyaye suna yafe canji ɗaya, na biyu kuwa sai su daina ɗaukar takardarka da muhimmanci. Ka buga wa ciyaman ya ce maka eh da bakinsa, ka tambayi mai unguwa ko akwai wani babban ɗaurin aure ko taro a unguwar ranar, ka duba ko zauren da za ku zauna ba a ba wa wasu ba, ka kuma duba kalandar zango, kar ya zamana abin da za a tattauna ya shafi jarabawar ƙarshen zango ita kuma ta riga ta fara. Ku a birni ba ku cika damuwa da ranar kasuwa ba, amma wanda yake karanta wannan daga wajen Wudil ya san ba a sa taro ran Juma'a, na Dambatta ran Lahadi, na Maigatari ran Alhamis, sai ka yi taro da kujeru.

Yanzu maganar harshe. Da Hausa za ka rubuta. Na san ana jin kamar takardar ofis sai da Turanci take yin kwarjini, amma wa zai karanta? A gidaje da yawa yaron da ka ba wa takardar shi ne zai karanta wa uwarsa, ɗan aji uku in ya ci karo da dogon Turanci sai ya ce "an ce wai ba taron", shi ke nan ya kashe maka komai. In akwai iyayen da ba sa jin Hausa sosai a makarantarku to ka sa layi uku na Turanci a ƙasa ko a bayan takardar, kuma kwafin da za ka kai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma wannan ka yi shi da Turanci ba laifi. Amma ta gida, Hausa.

Kuma ko a Hausar akwai tarko. Kar ka rubuta "an fasa", kar ka rubuta "an soke taro", mai karatu yana ganin wannan zai tsaya bai ƙarasa ba. "An ɗage" ita ce kalmar, kuma kar ka bar ta ita kaɗai, a jimla ɗaya ta zo da sabuwar ranar. Sannan ka guji "Asabar mai zuwa" da "Asabar ta sama" da "wani sati", don kai ran 17 ka rubuta, shi kuma wataƙila ran 25 zai zaro ta daga jakar yaro, Asabar mai zuwa a wurinsa ta zama 29 ɗin da kake gudu. Haka ma "an kai shi gaba" da "an dawo da shi baya", na sha ganin malamai biyu suna musu a ofis kan wanne ne gaba wanne ne baya. Sunan rana, lamba, sunan wata da haruffa. Kar ka rubuta 6/12 kawai, a takardar da aka yi wa fotokofi tawada ta yi hasken nan 6 da 8 ba su da bambanci, amma in ka haɗa da Asabar da Disamba ko lambar ta dushe mutum zai gane.

Ga yadda zan rubuta da ni ne a kujerarka:

(Sunan makaranta da unguwa)
17 ga Nuwamba, 2025

SANARWA: AN CANZA RANAR TARON IYAYE

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yara,

Assalamu alaikum. Taron iyaye da malamai yanzu za a yi shi ne ranar

ASABAR, 6 GA DISAMBA, 2025, ƘARFE 9 NA SAFE

a harabar makaranta.

Babu taro ranar Asabar 29 ga Nuwamba kamar yadda muka rubuta a takardar farko, don Allah kada a zo ranar. Mun ɗage ne saboda ranar ta faɗo a ranar tsaftar muhalli, kuma shugaban ƙungiyar iyaye ba zai samu halarta ba.

Lokaci da wuri da abubuwan da za a tattauna duk suna nan yadda suke, rana ce kawai ta canza. Muna ba da haƙuri ga duk wanda ya riga ya shirya. Mai tambaya zai iya zuwa ofis ko ya kira wannan lamba: (lambar makaranta).

Mun gode, Allah ya yi wa yaranmu albarka.

(sa hannun hedimasta da hatimi) (sa hannun shugaban ƙungiyar iyaye)

A yanke nan a dawo da shi: Na ga sanarwar cewa taro ya koma Asabar 6 ga Disamba. Sunan yaro, aji, sa hannu ko dangwalen uba ko uwa.

Shi ke nan fa, ba ta wuce rabin shafi ba. Ka lura sabuwar rana ita ta fara zuwa, ita ce da manyan baƙaƙe ita kaɗai a layinta, tsohuwar kuma sau ɗaya ta fito kuma a cikin jimlar da ta fara da "babu taro". Yawancin hedimastoci suna juya abin, su fara da "kamar yadda kuka sani mun shirya yin taro ranar 29 ga Nuwamba da ƙarfe tara", to mai sauri da ya ga rana ta farko a takarda ita yake ɗauka, ka ga ka ƙara kafa masa ranar da kake son cirewa. Layin nan na "rana ce kawai ta canza" shi ma kar ka raina shi, shi ne yake rage maka kiran waya, in babu shi kowa sai ya tambaya to a ina, to ƙarfe nawa. Kuma shi ya sa na bar ƙarfe 9 ɗin yadda yake duk da na san sanyin Disamba zai sa wasu su makara, in ka canza rana da lokaci tare sai ka samu mutum ya riƙe sabuwar rana da tsohon lokaci.

Dalili kuma layi ɗaya ya isa, amma ya zama na gaskiya. "Saboda wasu dalilai da suka sha ƙarfinmu" wannan jimlar na tsane ta, in ka rubuta ta mutane su za su ƙirƙiro maka dalili, kafin magariba za ka ji an ce malamai da ciyaman sun yi rigima kan kuɗi. Amma ka tambayi ciyaman ko ya yarda a ambaci rashin zuwansa, in bai so ba to tsaftar muhallin kaɗai ta wadatar kuma ba ka yi ƙarya ba. Haƙuri sau ɗaya, ba sai ka cika takarda da shi ba. Abin da kuma zan roƙe ka, kar ka ce tunda dai za a buga takarda bari a cusa maganar bashin kuɗin ƙungiya ko yara masu zuwa ba yunifom. Duk takardar da aka ambaci kuɗi a ciki to ta zama takardar kuɗi, uba zai karanta wannan layin ya ninke ta cikin fushi, ranar kuma ta bi iska.

Bari in ba ka tawa. Wata shekara na ɗage taro, na ba malamin da yake buga mana takardu ya gyara tsohon fayil ɗin a kwamfuta, ya canza lamba bai canza sunan rana ba, ni kuma na sa hannu ina tsaye ina sallamar baƙi ban duba kalanda ba. Takarda ta fita tana cewa Asabar alhali lambar ta Lahadi ce. Wallahi Malam rabi suka zo Asabar rabi suka zo Lahadi, har yanzu ina tuna wani dattijo da ya zo a keke ran Asabar ɗin, ya jingine keken a jikin dalbejiyar bakin ofis, ya zaro takardar daga cikin hularsa a ninke huɗu ya buɗe ya ɗora yatsa a kan kalmar ya ce "Malam ba wannan ce Asabar ba?" Ba ni da amsar da zan ba shi, rumfarsa ya rufe ya taho. Tun daga ranar kafin in sa hannu sai na kira mutum biyu, ɗaya ya karanta da ƙarfi ɗaya yana riƙe da kalanda. In kuma kana son ƙara kwanan watan Musulunci ka yi hattara da shi, kalandar bango da lissafin ganin wata kan saɓa da kwana ɗaya, in ba ka tabbatar ba gara ka bar shi, kar ka ba mutane rana biyu a takarda ɗaya.

To rubutu ya ƙare, saura isarwa, kuma a nan ne aikin yake. Takardar rabin shafi ce, ka sa a jera biyu a farar takarda ɗaya a yanka, yara 420 takarda 210 ke nan, rim ɗaya mai 500 ko rabi ba za ka ci ba. In za ka samu takarda mai launi, ruwan ɗorawa ko shuɗiya, to ka yi da ita, wannan kaɗai ya isa ya nuna ba ta rannan ba ce. Kowane yaro ka ba shi tasa ko da su huɗu ne 'yan gida ɗaya, kar ka yi tsimi a nan, a cikin huɗun ɗaya ce za ta isa hannun babba, sauran an yi jirgi da su ko an ƙunshe awara a bakin get. Gobe Talata ka raba, a darasin ƙarshe ba a asembili ba, takardar da aka ba yaro da safe ba ta kai tashi. Malamin aji ya karanta musu da Hausa, ya tambaye su yaushe ne taro su amsa baki ɗaya, 'yan aji ɗaya da biyu kuma a sa musu a cikin littafin aikin gida ko a ba yayyensu. Wanda bai zo makaranta ranar ba a rubuta sunansa a bayan tasa a ajiye cikin rajista, wannan su ake mantawa kullum, kuma iyayensu ne za ka gani ran 29.

Ƙa'idar da nake bi ita ce duk hanyar da sanarwar farko ta bi, ta biyu ma sai ta bi ta. In liman ya faɗa a masallaci a koma wurinsa, in an manna a allon sanarwa a cire tsohuwar a yaga, ba a manna sabuwa a gefenta ba. In kun sa a guruf ɗin WhatsApp to lokacin goge tsohon saƙon ga kowa ya riga ya wuce, sai ka ɗauki hoton sabuwar ka tura a matsayin amsa a kan tsohon, ka maƙala shi a sama, ka bi shi da saƙon murya da bai kai minti ɗaya ba, da muryarka, ka fara da ranar. Saƙon murya yana kaiwa inda takarda ba ta kaiwa, musamman wurin iyaye mata, kuma ka tuna da yawa daga cikinsu sai sun nemi izinin maigida kuma sun samu wanda za su bar wa gida, shi ya sa jin labarin da wuri ya fi musu amfani fiye da kowa. Amma kar guruf ya ruɗe ka, ka ƙirga mutum nawa ne a ciki ka kwatanta da yawan gidajenku, za ka ga da saura.

Masu ƙaramar waya kuma tes za ka yi musu, ga shi:

Taron iyaye: an dage daga Asabar 29 Nuwamba zuwa ASABAR 6 DISAMBA, karfe 9 na safe, a makaranta. Kada a zo ranar 29. Hedimasta.

Da gangan na rubuta shi ba ƙugiya. Shafin tes ɗaya yana ɗaukar baƙi 160, amma da zarar ka sa ɗ ko ƙ guda ɗaya sai ya koma 70, saƙon ya rabu biyu kuɗin ya ninka, wasu wayoyin ma akwati za su nuna a wurin harafin.

Yadda za ka gane ko saƙo ya isa kuwa, ɗan guntun nan na ƙasa da aka ce a yanke a dawo da shi. Ran Alhamis 20 ga wata kowane malamin aji ya kawo maka lissafi, yara nawa aka ba, nawa suka dawo da shi. Ajin da ya dawo da ƙasa da rabi to akwai matsala a ajin, ko an raba ana rububin tashi ko ma suna nan cikin durowar malami, ka je da kanka ka duba. Ka kuma ɗan kalli sa hannun, in ka ga guda goma da biro ɗaya da rubutu iri ɗaya to monita ne ya taimaki abokansa. Wata alamar ita ce irin tambayar da ake yi maka a waya, in ana cewa "Malam 6 ga wata ko?" to ta shiga, in kuma ana cewa "wai an fasa taron ne?" to bakin yara ya riga takarda isa gida, sai ka sake tura saƙon murya.

Tuni sau biyu za ka yi. Na farko ran Alhamis 27 da Juma'a 28 ga Nuwamba, wannan na cewa ne kar a zo ran Asabar 29, kuma shi ne mutane suka fi mantawa da shi alhali ya fi amfani. Na biyu ran Alhamis 4 ga Disamba na cewa jibi ne. Kar ka manta da waɗanda ba iyaye ba, mai hayar kujeru da rumfa in kun kama, shugaban kwamitin kula da makaranta, mai unguwa, da duk wanda kuka gayyato daga ofishin ilimi, waɗannan kira za ka yi musu sannan takarda ta biyo baya. Kwafi ɗaya mai sa hannu ka sa a fayil tare da ta farko, ranar da wani ya tashi a taro ya ce ba a sanar ba sai a zaro.

Ran 29 ɗin kuma duk abin da ka yi sai wasu sun zo, kuma tunda ba fita kafin 10, wajen goma da rabi za ka fara ganinsu. Kar su tarar da get a kulle ba kowa. Ka manna sanarwar da babban rubutu a jikin ƙofa, ka bar wa maigadi kwafi kamar 20, amma ka sa malami ɗaya da yake zaune kusa ya tsaya daga 10 zuwa 12, in da hali kai da kanka, da benci a inuwa da ruwan sha. Duk wanda ya zo a ba shi haƙuri a miƙa masa takardar hannu da hannu, a rubuta sunan ɗansa da ajinsu da lambar wayarsa, ran Litinin ka duba ko daga aji ɗaya suka fito, lambobin kuma ka ƙara su cikin waɗanda za a yi wa tes ran 4 ga Disamba.